Citta da tashin zuciya: awon da aka gwada ga mai laulayi da matafiyi, da inda amfaninta ya tsaya

Da sanyin safiya, a jerin motocin da ke rarrafe daga Mararaba da Nyanya zuwa tsakiyar Abuja, ba a rasa ma'aikaciyar da ta jingina kai da gilashi tana haɗiye yawu, tana lissafin ko za ta kai Sakatariyar Tarayya kafin cikinta ya juya. A kan hanyar Akwanga zuwa Jos kuma, ba a rasa hadimin da ke kujerar baya, idonsa a kan jawabin da maigida zai karanta, gumi mai sanyi na tsattsafo masa tun kafin a fara hawan Kibo. Su biyun shawara ɗaya suke samu daga abokan aiki da 'yan uwa: a sha citta.

Shawarar tana da tushe. Citta na cikin tsirarun kayan gargajiya da likitoci suka gwada a kan mutane sau da yawa, suka auna abin da suka ba su, suka rubuta abin da ya biyo baya. Sai dai mai ba da shawarar yakan tsaya a "sha citta", ba ya faɗin nawa, ko yaushe, ko zuwa wane lokaci. Abin da aka gwada kuwa ɗan kaɗan ne, kimanin giram ɗaya a yini, kuma sauƙin da yake kawowa yana da iyaka.

Wace citta ake nufi?

A bakin Bahaushe kalmar citta tana ɗauke da abu fiye da ɗaya. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce citta mai yatsu, saiwar nan da ake nomawa a Kudancin Kaduna, a yankunan Kaciya, Jaba da Kagarko, ake sayar da ita ɗanya ko busasshiya a kasuwar Wuse da sauran kasuwanni. Citta mai ƙwaya, wadda 'ya'yanta ke cikin kwanso, tsiro ne dabam, kuma ba ita aka gwada a binciken da za a ambata ba. Haka ma haɗin kayan shayi da ake cuɗa citta da kanumfari da masoro da kimba: duk abin da aka gano game da citta ita kaɗai, bai zama hukunci a kan wannan haɗi ba.

Yajin da ake ji a harshe daga wasu sinadarai yake fitowa. A ɗanyar citta wanda ya fi yawa shi ne jinjarol. Idan aka shanya ta ko aka dafa, wani kaso nasa yakan rikiɗe ya koma shogawol, wanda ya fi shi zafi. Abin da gwaje-gwaje suka nuna shi ne yawancin aikin waɗannan sinadarai a ciki yake: suna taimaka wa tumbi ya tura abinci gaba, suna kuma rage rikicewar motsinsa da ke tafiya tare da tashin zuciya. Wannan ya bambanta citta da magungunan jirin mota da ake saya a kemis, waɗanda ke aiki a ƙwaƙwalwa, shi ya sa suke saukar da barci. Citta ba ta sa barci, amma kuma ba ta taɓa tushen jirin da ke cikin kunne.

Abin da aka gwada a kan masu juna biyu

Laulayi yakan fara tsakanin mako na huɗu da na bakwai, ya tsananta wajen mako na tara, sannan ya lafa ga mafi yawan mata tsakanin mako na 16 da na 20. A cikin wannan tsakani aka yi kusan dukkan gwaje-gwajen citta.

Wanda aka fi ambata shi ne na ƙasar Tailan, da aka wallafa a 2001. An ba wasu mata kafso mai ɗauke da miligiram 250 na garin citta sau huɗu a yini, wato giram ɗaya ke nan, har kwana huɗu. Wasu kuma an ba su kafso mai kama da shi wanda babu citta a ciki, ba tare da kowacce ta san wanda ta samu ba. Da aka tambaye su daga baya, 28 cikin 32 na waɗanda suka sha citta sun ce sun samu sauƙi, a ɗaya rukunin kuwa 10 ne cikin 35. Bayan shekara uku, wani gwaji a Ostireliya ya kwatanta kusan wannan awo na citta da bitamin B6, wanda likitoci suka saba bai wa mai laulayi, tsawon mako uku, ya kuma samu cewa tasirinsu ya yi kusan daidai.

A 2014 wasu masu bincike a Afirka ta Kudu suka tattara gwaje-gwaje 12 da suka ƙunshi mata 1,278, suka duba su gaba ɗaya. Abu biyu suka fito da su da ya kamata mai laulayi ta riƙe. Na farko, citta ta rage jin tashin zuciya, amma ba ta rage yawan amai ba ta yadda za a iya dogara da sakamakon. Na biyu, sauƙin ya fi bayyana a gwaje-gwajen da aka ba da ƙasa da giram ɗaya da rabi a yini. Wato ƙarin awo bai kawo ƙarin sauƙi ba. A kan irin waɗannan hujjoji ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016 game da awon ciki, ta sanya citta cikin abubuwan da za a iya bai wa mace don rage tashin zuciya a farkon ciki.

Tambayar da ta fi damun kowace uwa ita ce lafiyar abin da ke cikinta. Bincike mafi girma a kan wannan an yi shi ne a ƙasar Norwe, aka wallafa a 2013. An bi mata sama da dubu 68, waɗanda 1,020 daga cikinsu suka ce sun yi amfani da citta. Ba a ga ƙaruwar tawayar halitta ko haihuwar bakwaini ko mutuwar jariri a ciki a tsakaninsu ba. An dai lura cewa ɗan ɗigon jini bayan mako na 17 ya ɗan fi yawa a wurinsu, ko da yake bambancin ya ɓace da aka ƙirga zubar jinin da ya wuce ɗigo kawai. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake cewa macen da ta taɓa ganin jini a cikin da take ɗauke da shi, kada ta fara shan citta a matsayin magani sai ta yi magana da likita ko ungozomar asibiti.

Yadda giram ɗaya yake a madafi

Giram ba awo ba ne da ake amfani da shi a gida, don haka sai an mayar da shi cokali. Cokalin shayi ɗaya na garin citta, idan aka shafe bakinsa ba a tula ba, yana ɗaukar kimanin giram biyu. Ke nan rabin cokalin shayi shi ne rabon yini guda cur. Ɗanyar citta kuwa kusan kashi huɗu cikin biyar nata ruwa ne, saboda haka giram ɗaya na gari yana daidai da wajen giram huɗu zuwa biyar na ɗanya, abin da bai wuce yanka biyu ko uku sirara ba.

A ɗauki misalin ma'aikaciya mai cikin mako takwas, wadda ke fita daga Mararaba ƙarfe shida na safe. Zuciyarta na tashi tun daga farkawa, takan yi amai sau ɗaya ko biyu a yini, amma tana iya cin abinci kaɗan-kaɗan, ruwa kuma yana zama a cikinta. Wannan ita ce irin macen da aka fi gwada citta a kanta.

Da daddare sai ta auni rabin cokalin shayi na garin citta zalla, ta raba shi kashi huɗu a ƙananan ƙullin takarda. Da asuba, kafin ta sauko daga gado, ta fara cin busasshen biskit ko ɗan burodi, domin cikin da babu komai ya fi saurin tashi. Bayan ta ɗan karya, ta zuba kashi ɗaya a rabin kofin ruwan ɗumi ko a koko, ta riƙa kurɓa a hankali. Kashi na biyu bayan abincin rana a ofis, na uku bayan na yamma, na huɗu kafin kwanciya. Haka aka raba shi a gwajin Tailan: bayan abinci sau uku, da kuma lokacin barci. Idan ɗanya ta fi so, sai ta jiƙa yankan nan biyu ko uku a tafasasshen ruwa na minti goma, ta zuba a fulas, ta raba shansa tsawon yini.

Akwai lissafin da ake yawan mantawa. Idan ta sha kunun zaki da safe, ta sha zoɓo ko lemon citta a ofis, ta kuma barbaɗa yaji a abincin dare, duk waɗannan da citta a ciki, kuma babu wanda ya san nawa mai haɗawa ya zuba. Cittar Najeriya ta yi suna da zafi, kuma kwalbar lemon citta mai kauri ɗaya na iya wuce awon yinin gaba ɗaya. A kwanakin da take auna citta a matsayin magani, ya fi kyau ta bar irin waɗannan abubuwan sha. Idan kuma kafso ta saya a kemis, ta duba lambar NAFDAC, ta karanta miligiram nawa ne a kowane ɗaya, ta kuma tabbata garin citta ne ba tataccen sinadarinta ba, domin tataccen ya fi ƙarfi nesa, awonsa kuma dabam ne.

Hukuncin yana zuwa ne a kwana na huɗu. Ta riƙa rubuta sau nawa ta yi amai a kowace rana, da yadda tashin zuciyar yake, mai tsanani ne ko matsakaici ko kaɗan. Idan a kwana huɗu ta ga sauƙi, tana iya ci gaba da wannan awo, ta kuma sanar da ma'aikatan asibiti a ranar awo, tana tuna cewa yawancin gwaje-gwajen ba su wuce kwana huɗu zuwa mako uku ba. Idan babu canji, mafita ba ninka awo ba ce. Ninkawa ƙwannafi take kawowa, mai ciki kuwa da ma ƙwannafi na jiranta, shi kuma yana ƙara tayar da zuciya. Abin da ya dace shi ne ta koma asibiti, inda akwai magungunan amai da aka daɗe ana bai wa masu juna biyu. A can kuma za a duba ko ƙwayar ƙarin jini ce ke dagula mata ciki, a canza mata lokacin sha ko nau'in ƙwayar, maimakon ta daina da kanta.

Inda citta ba ta da hurumi

Akwai laulayin da ya wuce na yau da kullum, wanda ke kai mace ga kwanciya a asibiti da ƙarin ruwa. Alamunsa a fili suke. Mace ta yini ta kwana ba abin da ke zama a cikinta, ko ruwa. Fitsarinta ya ragu ya yi duhu, ko ta shafe awa takwas ba ta yi ba. Jiri na ɗibarta idan ta miƙe. Ta rame har ta rasa fiye da kashi biyar cikin ɗari na nauyinta, wato kilo uku ga wadda take kilo 60 kafin ciki. Duk wadda ta kai nan, kowace awa da aka ɓata ana dafa mata citta jinkiri ne ga ruwan da jikinta ke nema. Yawan nanata mata cewa ta gwada citta ma yakan sa ta ji kamar ba a ɗauki ciwonta da muhimmanci ba.

Haka kuma ba kowane amai na mai ciki ba ne laulayi. Amai tare da zazzaɓi na iya zama maleriya ko ciwon mafitsara, dukkansu kuwa suna da haɗari ga ciki idan aka bar su. Amai da jini, ko da ciwon ciki mai tsanani, na gaggawa ne. Tashin zuciyar da ya fara sabo bayan ciki ya wuce wata biyar, musamman idan ya zo da ciwon kai, ko dishi-dishin gani, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, na iya zama alamar hawan jinin masu ciki, kuma awon jini yake buƙata a ranar.

Akwai kuma waɗanda ya kamata su tambayi likita tun kafin su fara. Citta na iya ɗan rage saurin daskarewar jini, saboda haka mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da mai cikin da aka ɗora a kan ƙaramin asfirin, da wadda ta taɓa yin ɓari ko zubar jini, da wadda haihuwa ta gabato mata, duk suna cikin wannan rukuni. Haka ma mai tsakuwar matsarmama, da wanda aka sa wa ranar tiyata. Wannan taka-tsantsan ya shafi citta da ake aunawa a sha kullum ne, ba 'yar wadda ake sa wa a miya ba.

Matafiyi: hujjar ta fi rauni

Jirin tafiya saɓani ne tsakanin ido da kunne. Sashen cikin kunne da ke kula da daidaiton jiki yana jin mota na lanƙwasa, tana tsayawa tana tashi, ido kuma da ke kan takarda ko waya yana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa a zaune ake wuri ɗaya. Daga wannan ruɗani hamma da gumi da tsinkewar yawu suke farawa, amai ya biyo baya. Shi ya sa direba ba kasafai yake kamuwa ba: idonsa na kan hanya, yana ganin kwana kafin jikinsa ya ji ta.

Labarin citta a wannan fage ya fara tashe ne a 1982, lokacin da mujallar Lancet ta wallafa wani gwaji da aka yi wa ɗalibai 36 a Amurka a kan kujera mai juyawa. Waɗanda aka ba miligiram 940 na garin citta sun fi jure juyin a kan waɗanda aka ba maganin jirin mota na kemis. A 1988 aka gwada giram ɗaya a kan kuratan sojan ruwa 80 na ƙasar Denmak a tsakiyar teku: amai da gumi mai sanyi sun ragu, amma jin tashin zuciyar kansa bai ragu sosai ba. Sai kuma a 1991 wani gwajin kujera mai juyawa a Amurka ya ƙare ba tare da an ga citta ta kare kowa ba, alhali maganin likita da aka kwatanta ta da shi ya yi aiki. Gwaje-gwajen ƙanana ne, sakamakonsu kuma ya saɓa wa juna. Abin da za a iya cewa cikin adalci shi ne tana taimaka wa wasu, musamman wajen hana amai, wasu kuma ba ta yi musu komai.

Awon da hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta rubuta a 2012 ga baligi shi ne giram ɗaya zuwa biyu na garin citta, awa ɗaya kafin a tashi. Wato rabin cokalin shayi zuwa cokali guda, sau ɗaya. Lokacin yana da muhimmanci kamar awon: da zarar jiri ya kama, tumbi yakan rage aiki, abin da aka haɗiya a lokacin ba ya saurin shiga jiki, wani lokaci ma shi zai fara dawowa. Wannan hukuma ba ta ba da shawarar a bai wa yaron da bai kai shekara shida ba.

A koma ga hadimin nan mai zuwa Jos. Ayarin zai tashi ƙarfe bakwai. Ƙarfe shida sai ya ci abinci mara maiƙo, ba mai yawa ba, ya sha rabin cokalin shayi na garin citta a ruwan ɗumi. Jawabin maigida ya gama gyara shi tun daren jiya, ko ya bari sai an tsaya a Akwanga, domin karatu a mota mai tafiya ya fi ƙarfin duk abin da citta za ta iya. Idan tsarin ayari ya ba da dama ya nemi kujerar gaba. Idan bai samu ba, ya zauna inda yake hango hanya ta gilashin gaba, ya jingina kai kada ya riƙa lilo, ya bar iska na shigowa. Amfanin citta a gare shi shi ne zai isa wurin taro idonsa biyu, ba kamar wanda ya sha ƙwayar kemis ba. Hikima ita ce ya fara gwada ta a tafiyar da ba ta aiki ba, kamar jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa ko zuwa gida a ƙarshen mako. Idan ya yi haka sau biyu bai ga bambanci ba, to yana cikin waɗanda ba ta yi wa aiki, sai ya nemi shawarar likita ko mai harhaɗa magunguna a kan ƙwayar da ta dace, da sanin cewa yawancinsu na sa barci kuma ba a tuƙi bayan an sha.

Idan kuwa matafiyar mai juna biyu ce, awon masu ciki ne ke hukunci, ba na matafiya ba. Giram biyu a zama ɗaya ya ninka abin da aka fi gwadawa a kan masu ciki na yini guda. Ta tsaya a rabin cokalinta na yini, ta daidaita ɗaya daga cikin kashi huɗun ya faɗo awa ɗaya kafin tashi, kada kuma ta sayi ƙwayar jirin mota a tasha ba tare da ta faɗa wa mai ba da maganin cewa tana da ciki ba.